Shirun guntun kwangila ba shirun kwangilar ba ne

Aikina duba takardun kwangila ne kafin a sa hannu, ko kuma bayan rigima ta taso. Abin da ya fi zuwa mini ta waya guntu ne: mutum ya kwafo sashe biyu ko uku, ya liƙa a saƙo, ya biyo da tambaya. Haka ƙanena ya yi. Yana yi wa wani kamfani aikin kula da injina bisa kwangila, an shiga wata na bakwai, biya yana ta jinkiri, ya gaji yana so ya fita. Ya turo mini sashe na 11 da na 12, ya rubuto: "Yaya, ka ga babu maganar tara a ciki. In ba su notis na kwana 30 in kama gabana, ko?"

Gaskiya ne babu kalmar tara a abin da ya turo. Sashe na 11.1 yana cewa kowane ɓangare yana iya soke yarjejeniyar da rubutaccen notis na Kwana 30, bisa sharaɗin sashe na 4.3. Daga 11.2 sai aka tsallaka zuwa 11.4. Sashe na 12 kuwa yana maganar mayar da kayan aiki ne kamar yadda Rataye na B ya tsara.

Kafin in kula da ma'anar jimlolin, na fara da lissafin wuraren da guntun yake nunawa waje. Na sami huɗu. Akwai 4.3, wanda 11.1 ta jingina da shi. Akwai 11.3 da ya ɓace tsakanin lambobi. Akwai Rataye na B. Sai kalmar "Kwana" da aka rubuta da babban baƙi a tsakiyar jimla, wanda a al'adar rubuta kwangila alama ce cewa an ba ta ma'ana ta musamman a sashen fassarar kalmomi. Duk ɗaya daga cikin huɗun nan yana iya juya amsar gaba ɗaya.

Na ce masa, "Abin da zan iya tabbatar maka shi ne akwai hanyar fita ta notis, kuma hanyar tana da sharaɗi. Sharaɗin yana 4.3. Batun tara kuwa, ba zan ce akwai ba, ba zan ce babu ba, sai ka turo takardar duka, daga shafin farko har inda aka sa hannu." Bai ji daɗi ba. Ya ce ai na ga irin waɗannan kwangiloli da yawa, in faɗi yadda aka saba.

A nan ne jarabar take, kuma masu ƙwarewa ta fi kamawa. Na san abin da aka saba sakawa a irin wannan gurbi: ko mafi ƙarancin wa'adi, ko sharaɗin biyan bashi kafin fita, ko neman amincewar wani. Amma abin da aka saba ba shi kotu za ta karanta ba. Abin da ɓangarorin nan biyu suka sa wa hannu za ta karanta, kuma sassan da ake sauyawa lokacin ciniki su ne daidai waɗanda suka shafi kuɗi da fita. Ko a kwangilolin gine-gine na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, inda sharuɗɗan gama-gari bugaggu ne kowa yana iya samunsu, sashe na 1.5 na bugun 1999 ya ɗora sharuɗɗan musamman a kan na gama-gari idan sun ci karo. Wanda ya haddace na gama-garin bai san kwangilar da ke gabansa ba tukuna.

Akwai kuma bambancin da nake so duk mai karanta guntu ya riƙe. Idan cikakkiyar kwangila ta yi shiru a kan wani batu, shirun yana da sakamako: dokar da ke mulkin kwangilar ce za ta cike gurbin, kuma ana iya nemo abin da dokar ta ce. Idan guntu ne ya yi shiru, babu abin da shirun ya nuna sai inda mai kwafa ya tsaya. Shi kuwa mai kwafa yana zaɓar abin da yake ganin ya shafi tambayarsa ne. Ƙanena ya nemi kanun da aka rubuta "Sokewa" ya kwafo, alhali maganar kuɗin fita tana iya zama a ƙarƙashin "Wa'adi" ko "Biya" ko cikin rataye. Ko sashen da ke faɗin dokar wace ƙasa za a bi, yawanci can ƙarshe yake, inda ba wanda yake kwafowa.

Da takardar ta zo cikakkiya, ga abin da muka tarar. Sashe na 4.3 ya kafa mafi ƙarancin wa'adi na wata 12, kuma duk ɓangaren da ya fita ta 11.1 kafin cikarsa zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage. Wata biyar suka rage, wato kuɗin wata biyu da rabi zai fito daga aljihunsa. "Kwana" kuma ranar aiki ake nufi, Litinin zuwa Juma'a, saboda haka kwana 30 mako shida ne, kimanin kwana 42 a kalanda, ban da ranakun hutu. Sashe na 17, wanda guntun bai ko ambata ba, ya ce notis sai an miƙa shi hannu da hannu ko ta wasiƙa mai rajista, imel ba ya wadatarwa. Da ya tura imel ya daina zuwa aiki bayan wata guda, da shi ne zai zama wanda ya karya yarjejeniya, a kan kamfanin da yake bi bashi.

Sashe na 11.3 ne ya fi jan hankalina. Ƙanena ya bar shi ne don ya ga kanunsa yana maganar saɓa alkawari, ya ɗauka bai shafe shi ba. Sashen ya ce idan biya ya wuce Kwana 60 daga ranar da ya wajaba, mai aikin yana iya ba da notis na gyara na Kwana 14, in ba a biya ba ya soke, "duk da abin da ke sashe na 4.3". Wannan 'yar jimlar ta ɗauke masa tarar. Mai zato da ya so yin taka-tsantsan ya ce masa "ka haƙura har wata 12", shi ma da ya cuce shi, don da ya zauna wata biyar yana aiki kan bashi alhali yana da mafita. Zato a kan sashen da ba a gani ba yana kuskure ta kowane gefe, kuma babu gefen da za a ce ya fi aminci.

Tun daga nan na tsayar da yadda nake amsa guntu. Ina faɗin abin da kalmomin da ke gabana suka ce, in lissafo sassan da suka jingina da su da lambobinsu, sannan in ambaci tambayoyin da sai da cikakken rubutu za su amsu. Ina kuma duba lambar shafi, in an rubuta "3 cikin 14" na san girman abin da ya rage. In gaggawa ta hana a turo komai, aƙalla ina neman sashen fassarar kalmomi, da na wa'adi, da na biya, da na notis, da na fifikon takardu, da duk rataye, kuma in gaya wa mai tambaya kada ya aika notis ko ya tsayar da aiki kafin nan.

Ko da takardar ta cika, sai da na ƙara tambayarsa ko akwai wata wasiƙa ko ƙarin yarjejeniya da aka sa wa hannu daga baya, domin ita ma tana iya sauya sashe. Babu. Muka lissafa ranakun aiki daga ranar da tsohuwar takardar neman biyansa ta wajaba, muka ga ta haura 60. Ya rubuta notis na gyara a ƙarƙashin 11.3, ya kai da hannunsa adireshin da ke sashe na 17, aka buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinsa.