Amshin da ya ƙi tashi: abin da kibod ya koya mini

Kod huɗu ne ke ɗauke da amshin waƙoƙin fop da dama. Kod shi ne sautuka uku ko fiye da ake bugawa tare. A ki na C, wato idan an gina waƙa a kan sautin C, su ne C, G, Am, F, kowanne ya ci bugu huɗu, a zagayo a sake. Masu karatun kiɗa kan rubuta su I–V–vi–IV domin su hau kowane ki. In ka fara daga na ukun sai ka sami Am, F, C, G. Ba a ƙara komai ba, amma waƙar za ta ɗan yi sanyin jiki, don kunne yakan ɗauki kod ɗin farko a matsayin gida.

A situdiyo mawaƙi yakan cire abin kunne ya ce, "Malam, amshin nan fa bai tashi ba." Zama a gaban kibod ya nuna mini cewa galibi ciwon yana cikin baiti. Idan baiti ya buɗe da C, amshi ma ya buɗe da C, to mai sauraro yana gida tun farko, ina kuma za a kai shi? Shi ya sa nake hana baiti taɓa kod ɗin C. Sai in bar shi yana yawo a Am, F, Dm, G, in tsaya a kan G. A cikin G akwai sautin B, rabin mataki ƙasa da C, shi ke jan kunne. Da amshi ya sauka a C, sai ka ga mawaƙin ya fara kaɗa kai.

Sauran gyaran na hannun hagu ne. Maimakon bes, sautin ƙasa, ya yi tsalle daga C zuwa G, sa sautin B a ƙarƙashin kod ɗin G, wato G/B. Bes zai gangaro C, B, A kamar mai sauka daga bene, amshin ya yi laushi ba tare da an taɓa muryar ba.

```
C | G/B | Am | F
C | G/B | F  | Fm
```

Wannan Fm ɗin aro ne daga C maino, kuma yana da daɗi ƙwarai in zai koma C. Sai dai a duba waƙar tukuna. F yana da A, Fm kuwa Ab gare shi. In mawaƙi ya ja A a daidai wurin, sautukan biyu za su gogi juna, ka ji wani tsami ko da muryarsa daidai take. Ko a mayar da sautin mawaƙin zuwa C ko F, ko a haƙura da Fm. Ni sau ɗaya nake sa shi, a amshin ƙarshe, don in ya yawaita yakan mayar da waƙar murna ta koma ta bege.