Maki 6 cikin 20 a tambayar fataucin Sahara

Sai da na ɗaure kayana zan bar makaranta na ci karo da takardar gwajin nan ta aji biyu. Jan biro ya ɗan koɗe, amma 6/20 na nan daram, a ƙarƙashinsa an rubuta: "Wannan lissafin kanti ne."

Tambayar ta ce a bayyana yadda fataucin Sahara ya yaɗa kaya da addini da ilimi. Ni kuwa da ganin "Sahara" sai na kwance buhun hadda. Zinariya da bayi da fatu su yi arewa, gishiri da dawakai da tufafi su gangaro kudu. Na jera zangunan hanyoyin ayari: Sijilmasa, Taghaza, Walata. Tarabulus, Fezzan, Bilma, Borno. Shafi huɗu cur, har da taswira. Kalmar "yadda" ce ban taɓa ba. Addini layi ɗaya na ba shi: fatake sun kawo Musulunci. Kamar a mangala aka ɗauro shi.

Na je ofishin malamin neman bayani, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in je in yi karatu. Makin na yarda da shi, korar ce har yau take yi mini ciwo, don minti biyar sun ishe shi ya nuna mini.

Ni kaɗai na lalubo hanya. Matafiyin nan Ibn Battuta ya bar Sijilmasa a 1352, sai da ya yi wata biyu kafin ya isa Walata. Wanda zai ba da kaya bashi a irin wannan nisa yana buƙatar rubutu, da shaidu, da alƙalin da kowane ɓangare ya amince da hukuncinsa. Fiƙihun Malikiyya ya biya wannan buƙata, malamai kuma suka riƙa bin ayari suna zama inda fatake suka zauna. Al-Bakri, masanin Andalus, a 1068, ya ce babban birnin tsohuwar daular Ghana gari biyu ne: na Musulmi mai masallatai goma sha biyu, da na sarki. Sarkin ba Musulmi ba ne, amma tafintocinsa da ma'ajinsa Musulmi ne. Ka ga ke nan addinin ya fara da unguwar baƙi, ya shiga fada ta hanyar alƙalami, talakan ƙauye kuwa sai can daga baya. Wannan sakin layi ɗaya ya fi shafukana huɗu.

A jarrabawar ƙarshen zango tambayar ta dawo da wata riga. Na ɗauki hanya ɗaya tak, na bi mutanenta: Wangarawa daga Mali zuwa Kano zamanin Sarki Yaji, sai al-Maghili zamanin Rumfa, na rufe da shaidar da ke kan allon kowane almajiri, wato ƙira'ar Warshu da rubutu mai asali daga Magrib.

Sauran darussan da na koya ƙanana ne. Shekarar da ba ka tabbatar ba, rubuta ƙarni. Taswira kada ta ci fiye da minti uku.

A wurinsa na samu A. Ban koma ofishinsa ba, takardar 6 ɗin kuma na mayar da ita cikin jaka.