Abin da Ke Sa Hannun Jarin Kamfanonin Haƙar Zinariya Ya Fi Zinariyar Kanta Hawa da Sauka

A farkon aikina na nazarin kamfanoni, an ba ni rahoton shekara na wani kamfanin haƙar zinariya, aka ce in kimanta abin da zai sami darajarsa idan farashin zinariya ya sauya. Na yi lissafina, na rubuta cewa idan zinariya ta tashi da kashi 10 cikin 100, hannun jarin kamfanin ma zai tashi da kusan haka, tunda zinariyar yake haƙowa yana sayarwa. Shugaban sashenmu, dattijo ne da ya daɗe yana bibiyar kamfanonin ma'adinai, ya karanta takardar har ƙarshe, ya ajiye ta, sannan ya tambaye ni abin da nake ganin mai hannun jari ya mallaka a cikin kamfanin. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, zinariyar da ke ƙarƙashin ƙasa mana." Sai ya ɗauki fensir ya ja layi biyu a bayan takardar, na sama ya rubuta farashi, na ƙasa ya rubuta kuɗin haƙa, ya ɗora bakin fensirin a kan filin da ke tsakaninsu, ya ce wannan kaɗai ne rabonsa. Tun daga ranar na gane cewa wanda ya sayi hannun jarin mahaƙa ya sayi tazarar da ke tsakanin farashi da kuɗin fitar da zinariyar ne, kuma tazarar nan ta fi farashin saurin motsi nesa ba kusa ba.

Lissafin yana da sauƙi idan aka bi shi a hankali. Ana auna zinariya da oza, wadda nauyinta giram 31.1 ne. Mu ɗauka ana sayar da oza ɗaya dala 2,000, kuma kamfani yana kashe dala 1,500 kafin ya fitar da ita, ka ga abin da ya rage masa dala 500 ke nan. Idan farashi ya tashi da kashi 10 ya koma dala 2,200, albashin ma'aikata da kuɗin man injuna da gyaran manyan motoci ba su sauya a wannan watan ba, saboda haka dala 200 ɗin da ta ƙaru gaba ɗayanta riba ce. Tazarar ta tashi daga 500 zuwa 700, wato ƙarin kashi 40, alhali zinariyar kashi 10 kawai ta ƙara. Idan kuma farashin ya sauka zuwa dala 1,800, tazarar ta koma 300, an yi asarar kashi 40 na ribar. Masu saye da sayarwa a kasuwar hannun jari ribar suke kallo, don haka suke ɗaga hannun jarin ko su kayar da shi fiye da yadda zinariyar ta motsa.

Daga nan na koyi wata 'yar dabara da har yanzu nake fara aiki da ita: a raba farashi da tazara. A misalinmu, 2,000 a raba da 500 ya ba da 4, ma'ana duk motsin kashi 1 a farashi zai zama kusan kashi 4 a riba. Kamfanin da kuɗin haƙarsa dala 1,000 ne, nasa ninkin 2 ne kawai. Wanda yake kashe dala 1,800 kuwa, nasa 10 ne, domin tazararsa dala 200 ce, ƙarin kashi 10 a farashi zai ninka ribarsa, ragin kashi 10 kuma zai share ta ƙaƙaf. Wannan ya bayyana mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato yadda kamfanin da ya fi kowa rauni yakan fi kowa tashi idan zinariya ta yi tsada. Tashin nasa ya samo asali ne daga ƙanƙantar tazararsa, kuma ƙanƙantar ce za ta fara durƙusar da shi idan kasuwa ta juya.

Bashi yana ƙara wa abin ƙarfi, kuma manyan mahaƙu da yawa da bashi ake gina su, saboda ana shafe shekaru ana zuba kuɗi kafin ozar farko ta fito. Mu ce kamfanin namu yana fitar da oza 500,000 a shekara. Da tazarar dala 500, yana samun dala miliyan 250, sai ya biya kuɗin ruwa na dala miliyan 50, masu hannun jari su tashi da miliyan 200 kafin haraji. Ƙarin dala 200 a kan kowace oza ƙarin miliyan 100 ne, rabonsu ya koma miliyan 300, wato kashi 50 a maimakon 40. Idan kuma farashi ya faɗi da dala 400, wanda kashi 20 ne kacal, kamfanin zai sami miliyan 50, banki ya karɓe su duka, masu hannun jari su tashi hannu rabbana. Banki ba ya rage kuɗin ruwansa don zinariya ta yi araha, kuma shi ake fara sallama.

An ga wannan a zahiri. Zinariya ta kai kusan dala 1,900 a watan Satumban 2011, ta sauko zuwa kusan dala 1,050 a Disamban 2015. A shekarar 2013 kaɗai ta faɗi da kusan kashi 28, yayin da asusun GDX, wanda ya tattara hannayen jarin manyan kamfanonin haƙar zinariya, ya rasa fiye da rabin darajarsa. Da kasuwa ta farfaɗo a watanni shida na farkon 2016, zinariya ta tashi da kusan kashi 25, asusun kuwa sai da ya ninka kansa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko girma, kuma shi ne wanda nake ganin mutane da yawa suna faɗawa bayan sun fahimci lissafin tazara. Na ɗauka layin ƙasa, wato kuɗin haƙa, a tsaye yake, na sama ne kaɗai ke motsi. A cikin wata ɗaya ko uku hakan gaskiya ne, amma a tsawon shekaru kuɗin haƙa yana bin farashi a baya. Wani ɓangare na dalilin a fili yake: man dizal da wutar lantarki da tayoyin manyan motoci da sinadarin sayanaid da ake narkar da zinariya da shi duk suna tsada, harajin da gwamnatoci ke karɓa a kan kowace oza kuma yawanci kaso ne na farashi, yana tashi tare da shi. Ɗaya ɓangaren kuwa a cikin dutsen yake, kuma sai da wani injiniyan ma'adinai ya zauna da ni ya zana mini shi kafin in gane.

Ya ce in ɗauki dutsen da ke da giram ɗaya na zinariya a kowane tan. Idan masana'anta tana iya tsamo kashi 90 na abin da ke ciki, ana buƙatar a fasa a niƙa kusan tan 35 kafin a sami oza guda. Idan kowane tan yana cin dala 40, ozar ta tsaya a kan kusan dala 1,400. Dutsen da ke da giram 0.8 kuwa, sai an niƙa kusan tan 43, ozar ta haura dala 1,700, alhali ba a ƙara wa kowa albashi ba. Lokacin da zinariya take dala 1,500, wannan dutse na biyu tarkace ne da ake jibgewa gefe, amma idan ta kai 2,000 sai ya zama abin niƙawa. Saboda haka kamfani yakan karkata ga dutse mai ƙarancin zinariya idan farashi ya tashi, kuma hikima ce ta wani ɓangare, tunda mahaƙar za ta ƙara tsawon rai, sai dai matsakaicin kuɗin haƙa ya tashi, tazarar da mai hannun jari yake jira kuma ta ƙi buɗewa yadda ya zata.

Haka nan idan farashi ya faɗi, dutsen da aka lissafa a cikin dukiyar kamfani yakan koma tarkace a kan takarda, sai a rage adadin zinariyar da kamfanin ya ce yana da ita a ƙasa, a kuma rage darajar mahaƙar a littafinsa. A 2013 kamfanin Barrick ya rage fiye da dala biliyan 5 daga darajar aikinsa na Pascua-Lama da ke kan iyakar Chile da Ajantina, sannan ya dakatar da ginin a ƙarshen shekarar. Wanda yake riƙe da sandar zinariya a wannan shekara ya yi asara a farashi, amma nauyin sandarsa bai ragu da giram ko ɗaya ba. Mai hannun jari kuwa ya yi asara ta fuska biyu, a ribar kowace oza da kuma yawan ozojin da ake sa ran fitarwa.

A shekarar 2013 ɗin ce Majalisar Zinariya ta Duniya ta fito da ma'aunin da ake gani a rahotanni da sunan AISC, wanda ya haɗa kuɗin haƙa na yau da kullum da kuɗin da ake kashewa don mahaƙa ta ci gaba da aiki, kamar sauya injuna da buɗe sababbin ramuka. Kafin nan an fi tallata adadin da ya bar waɗannan a waje, shi ya sa kamfanoni suka riƙa bayyana da riba mai kauri alhali kuɗi ba ya taruwa a asusunsu. Ma'aunin ya taimaka ƙwarai, amma ina ganin bai kamata a tsaya a kansa ba, domin bai ƙunshi kuɗin ruwa da harajin riba da kuɗin gina sabuwar mahaƙa ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in jera AISC na shekara biyar kusa da farashin da kamfanin ya sayar da zinariyarsa a waɗannan shekarun, in ga ko tazarar tana buɗewa ko layin ƙasa yana bin na sama, sannan in duba giram nawa ake samu a tan, ko yana raguwa. Daga nan in koma ga kuɗin da ya rage a hannu bayan an biya komai, in kuma bincika ko kamfanin ya riga ya sayar da wani kaso na zinariyarsa ta gaba a kan tsayayyen farashi, domin wanda ya yi haka ba zai ci moriyar tashin farashi sosai ba, faɗuwarsa ma ba za ta yi masa zafi sosai ba.

Akwai kuma ranakun da lissafin tazara ba ya bayyana komai, domin hannun jarin mahaƙa hannun jari ne kamar sauran. A lokacin rikicin kuɗi na ƙarshen 2008, masu zuba jari da ke neman tsabar kuɗi ido rufe sun sayar da duk abin da zai sayu, kamfanonin zinariya suka faɗi tare da kasuwa fiye da yadda zinariyar ta faɗi. Ambaliya a rami, ko yajin aiki, ko saɓani da gwamnati a kan lasisi, kowannensu yana iya tsayar da mahaƙa wata da watanni yayin da farashin zinariya ke tashi, kuma kamfanin da yake da mahaƙa ɗaya tak ba shi da wata da za ta rufa masa asiri. A kan haka, duk lokacin da aka kawo mini sabon kamfani, kafin in raba farashi da tazara sai na fara ƙirga mahaƙunsa da ƙasashen da suke ciki, in kuma duba shekarar da babban bashinsa zai cika.