Minti biyu kafin baƙo ya karɓi makirufo

A ƙarshen wannan watan zan bar kwamitin shirya taruka na ma'aikatarmu a nan Katsina, kuma tun da wanda zai gaje ni ya roƙi in bar masa wani abu a rubuce, na ga ya fi dacewa in tsaya a kan aikin da aka fi rainawa a cikin ayyukanmu, wato gabatar da baƙo mai jawabi a taron ƙara wa juna sani. Kowa ya san yadda ake neman zaure, a buga takardun gayyata, a tanadi ruwa da janareta, don haka ba zan taɓa su ba. Gabatarwa kuwa ana ɗaukar ta a matsayin abin da kowa zai iya da zarar an miƙa masa takardar tarihin baƙo, kuma wannan tunanin ne ya jawo mini ranar da ta fi kowace ɓata mini rai a wannan aiki.

Mun shirya taro ne domin malaman gona, a kan yadda ake adana wake ba tare da zuba masa magani ba. Mahalarta sun zo daga Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, wasu kuma daga Jibiya da Batsari, kuma yawancinsu sai sun koma gida a ranar. Baƙonmu farfesa ne da ya zo daga Zariya, masanin ƙwarin da ke ɓata hatsi a rumbu. An ba shi daga ƙarfe uku zuwa huɗu: minti arba'in na jawabi, sannan minti ashirin da zai nuna da hannunsa yadda ake ɗaure buhu mai hawa uku, wato leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ake matse iskar kowace leda a ɗaure ta daban domin ƙwaron wake ya rasa iskar shaƙa ya mutu. Wannan nunin shi ne ainihin abin da ya kawo mutane, domin a wajen ɗauri ne manoma suka fi yin kuskure.

Na shirya gabatarwa mai tsawon rabin shafi, na kuma karanta wa farfesan ta waya kwana biyu kafin taron, ya gyara mini abu ɗaya, ya ce ta yi. Da muka zauna a kan babban tebur, sai daraktan sashenmu ya karɓi takardar daga hannuna, ya duba, ya ce, “Malam, wannan ai raini ne. Mutum kamar wannan za ka gabatar a layi goma?” Na ce, “Ranka ya daɗe, shi da kansa ya ji ta, kuma ya amince.” Bai saurare ni ba. Ya zaro wata doguwar takardar tarihin baƙon daga fayil ɗinsa ya ajiye a gabana, ya ce in karanta ta daga farko har ƙarshe. A gaban jama'a ba ni da damar jayayya da shi, sai na tashi na karanta.

Karatun ya ci kusan minti ashirin. Na karanta shekarar haihuwarsa da firamaren da ya yi, na bi kwamitocin da ya zauna a ciki ɗaya bayan ɗaya, na shiga jerin maƙalun da ya wallafa masu sunaye na Turanci waɗanda ko ni ban san yadda ake furta wasu kalmominsu ba. Tun ban kai rabi ba na ga alamun da daga baya na koyi ganewa da wuri: na baya sun fara duba wayoyinsu, wasu sun fita neman ruwa, shi kuma baƙon ya sunkuyar da kai yana juya takardunsa. Abin da ya fi muni shi ne takardar tsohuwa ce, don haka na kira shi shugaban wani sashe da ya daɗe da sauka daga shugabancinsa, kuma dole jimlarsa ta farko ta zama gyaran abin da na faɗa. Yana cikin jawabi aka kira sallar la'asar. Bayan salla rabin zauren ya watse, domin masu nisa sun tafi tasha, kuma buhunan da ya ɗauko tun daga Zariya suka koma mota ba a kwance su ba.

A taron bita da aka yi washegari, daraktan ya ce a gaban ma'aikata mai gabatarwa ne bai iya kula da lokaci ba, aka kuma ba ni takardar neman ba'asi. Waɗanda suka zauna kusa da mu sun ji abin da ya faru, amma babu wanda ya ce uffan. Na amsa takardar cikin ladabi, kuma har yau ban yarda cewa an yi mini adalci ba. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, gabatarwa ana gama shawararta ne kafin a shiga zaure. Tun daga lokacin nake sa tsawonta a cikin jadawalin taro, minti biyu a rubuce, in kai wa shugaban taro rubutun tare da amincewar baƙo ya sa hannu tun ana saura kwanaki, ta yadda babu wanda zai sauya ta a kan tebur sai ya saɓa wa sa hannunsa.

Minti biyun nan ba ƙanƙanta baƙo ba ne. Na auna kaina sau da yawa, na ga cewa idan ina magana a natse ta makirufo, minti biyu na ɗaukar kalmomi wajen 230, kuma wannan ya isa a amsa tambayoyi uku da ke zukatan masu sauraro: me za a yi magana a kai, me ya sa ya shafe su, kuma me ya sa wannan mutumin ne ya cancanci a saurara masa. Takardar tarihi an rubuta ta ne domin kwamitin ɗaukar aiki ko na ƙarin girma, masu neman komai a jere da shekarunsa. Mai sauraro kuwa hujja yake nema da zai amince da mai magana, kuma hujja biyu ko uku sun wadatar da shi. Ma'aunin da nake amfani da shi wajen zaɓe mai sauƙi ne: ina ɗaukar kowane abu a cikin takardar in tambayi kaina ko zai sa malamin gona daga Ɓaure ya ƙara yarda da abin da za a gaya masa game da wake. Idan amsar a'a ce, sai in bar shi, ko da kuwa shi ne abin da ya fi ƙyalli a cikin takardar.

Ga abin da na rubuta wa wancan farfesan, wanda ba a bar ni na karanta ba, na cire sunansa kawai:

“Jama'a, kowannenku ya taɓa ganin manomin da ya sayar da wakensa da arha a lokacin kaka saboda tsoron ƙwaro, ko wanda ya zuba masa maganin da bai kamata a ci ba. Yau za mu ji yadda za a ajiye wake har farashinsa ya tashi ba tare da magani ba. Wanda zai yi mana bayani ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a kan ƙwarin da ke cin hatsi a ma'ajiya. Ya shafe shekaru yana bincike a Samaru, kuma bai tsaya a ɗakin gwaji ba, ya shiga ƙauyuka ya koya wa manoma wannan dabara da hannunsa. Ya zo mana da buhunan, zai kuma nuna mana yadda ake ɗaure su. Ina roƙon ku tarbi Farfesa wane.”

Akwai dalilin kowane tsari a ciki. Na fara da matsalar mahalarta domin ita ce za ta sa su ajiye waya. Daga digirorinsa na ambaci mafi girma kaɗai, kuma na faɗi fannin da ya yi shi a kai, domin fannin ne hujjar, kuma wanda ya ji digiri na uku ya san an wuce na farko da na biyu. Na ambaci aikin ƙauye domin malamin gona ya fi girmama wanda ya taɓa tsayawa a gaban manoma fiye da wanda ya wallafa maƙala hamsin. Ban shiga bayanin yadda buhun ke aiki ba, domin mai gabatarwar da ya fara koyar da darasin ya ci rabon baƙonsa ne. Sunan kuma na ajiye shi a ƙarshe, saboda da zarar an furta suna mutane kan fara tafi, duk abin da aka faɗa bayan nan ba a jin sa, kuma baƙo kan rasa ko ya tashi ne ko ya ci gaba da zama.

Inda gajeruwar gabatarwa ba ta yarda da sakaci ba shi ne muƙamai da laƙabi, kuma a ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dole a tambayi baƙo da bakinsa muƙamin da yake riƙe da shi a yau, ko cikakke ne ko muƙaddashi, ko yana kai ko ya sauka. Malamin jami'a da ya rage masa mataki ɗaya ya zama farfesa, idan aka kira shi farfesa a gaban abokan aikinsa an jefa shi cikin kunya ne, ba a girmama shi ba. Digirin girmamawa ba a kafa hujjar ƙwarewa da shi, sai dai a ambace shi da sunansa idan mai shi yana so. Idan baƙo yana da sarauta, a faɗe ta cikakkiya tare da masarautar da ta naɗa shi, domin a jihar da ke da masarautar Katsina da ta Daura, cewa Galadima kawai bai fayyace wanda ake nufi ba, kuma kuskure a nan ba ya tsayawa a zauren taro.

Sauran abubuwan gajeru ne. Jerin gaisuwar manyan baƙi aikin mai jawabin maraba ne, kada a maimaita shi a cikin gabatarwa. Kirari yana da masu shi da wurinsa, kuma taron ilimi ba wurinsa ba ne. Kada a ce baƙo ba ya buƙatar gabatarwa sannan a shafe minti goma ana yin ta. Cikakken tarihinsa a buga shi a bayan takardar shirye-shiryen taro, duk mai so ya karanta, kuma wannan yakan gamsar da shugabannin da ke ganin tsawo shi ne girmamawa, ko da yake bai gamsar da nawa ba.

Ga wanda zai gaje ni: rubutattun gabatarwar da na yi tun bayan wancan taron suna cikin koren fayil a kabad na biyu, kowace da sa hannun shugaban taro a ƙasanta. Takardar neman ba'asin ma tana ciki tare da amsar da na bayar, kuma ina roƙon kada a cire su.