Hoto ɗaya, fita uku: yadda nake sallamar aiki a shagona

Shagona na ɗaukar hoto yana Sabon Gari a nan Damagaram, kuma yawancin aikinmu na biki ne da suna da hawan Salla. Mutane suna ɗauka gyaran hoto shi ne wahalar sana'ar. Ni a wurina inda aiki ya fi lalacewa shi ne wajen fitar da hoton daga kwamfuta bayan an gama gyara. Sai ka yini kana daidaita haske da launin fatar amarya, sannan fita ɗaya marar kyau ta rushe komai. Shi ya sa duk hoton da mai aiki ya zaɓa nake fitar masa da shi gida uku: na wanki, na waya, da na ɗorawa a shafi.

Tushen maganar lissafi ne ƙarami. Hoto ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma kyamarar da nake aiki da ita tana ba da 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. Hoton da za a riƙe a hannu a duba kusa yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan 118 a kowace santimita. Don haka idan kana son sanin iyakar girman da hoto zai wanku tsaf, raba fiksel ɗinsa da 118. Katin santimita 10 da 15 yana son wajen fiksel 1200 da 1800. Na 20 da 30 yana son wajen 2400 da 3600.

To ga inda matsalar take. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda kowa ya saba, manhajar tana rage dogon gefensa zuwa wajen fiksel 1600, ta kuma matse shi, fayil mai megabait goma ya koma kilobait ɗari biyu ko uku. A fuskar waya ba ka ganin bambanci, domin fuskar ƙarama ce. Amma 1600 raba 118 bai kai santimita goma sha huɗu ba. Ƙaramin kati zai fito lafiya, ko da an ɗan ja shi zuwa 15. Daga nan kuwa sai lalacewa.

Kwanakin baya wata Hajiya ta zo daga Birni da hoton auren ƴarta a waya, tana son a wanke mata 40 da 60 a sa a firam ta rataye a falo. Da na ɗauko shi a kwamfuta, sunan fayil ɗin kaɗai ya faɗa mini tarihinsa: `IMG-20240612-WA0007.jpg`. Wannan `WA` ɗin hatimin WhatsApp ne a wayoyin Android. Girmansa 1600 da 1066. A kan santimita 60, ɗigo 68 ke nan a inci maimakon 300. Na ƙara girmansa a allo na nuna mata hannun amarya. Zanen lallen ya narke ya zama dabbare-dabbare, zaren aikin da ke wuyan rigar ango ya haɗe ya zama shafe ɗaya, gefen fuska kuma duk ƴan murabba'ai. Na ce, "Hajiya, in na wanke miki wannan, kuɗinki kawai zan ci. A nemo wanda ya ɗauka, ya turo na asali." Ta ce, "Ɗana, ai ga shi nan garau a waya." Na ce mata a waya tafin hannu ɗaya yake cikawa, a bango kuwa kamu ɗaya da wani abu zai ci.

Ta kira mai hoton, na karɓi wayar na roƙe shi ya turo ta `Document`, kada ya bi ta wurin hotuna. Ta wannan hanyar WhatsApp ba ya taɓa fayil, yadda ya tashi haka yake sauka. Ya zo 6000 da 4000, wanda a kan 40 da 60 ya ba da ɗigo 254 a inci. Bai kai 300 ba, amma hoton bango daga nesa kaɗan ake kallonsa, ya isa har da saura. Akwai maɓallin `HD` da aka ƙara a 2023, yana barin fiksel da yawa, amma shi ma yana matse hoto. Don kallo yana da kyau, don babban wanki ban yarda da shi ba.

Na wanki ina fitar da shi daga manhajar gyara a JPEG, `Quality`, wato inganci, 95 zuwa 100, ba na rage fiksel ko ɗaya. Abin da nake tsayawa a kai shi ne yanka. Hoton kyamara kashi 3 ne bisa 2, ya dace da 10 da 15, da 20 da 30, da 40 da 60. Hoton waya galibi 4 bisa 3 ne, shi kuma 30 da 40 ya dace da shi. In ka miƙa wa mai injin wanki hoton da bai yi daidai da takarda ba, injin ne zai yanke da kansa, kuma bai san rawani ba, bai san ɗaurin kallabi ba. Na sha ganin hoton mahayi a ƙofar fada an sare masa kan rawani saboda haka. Ni nake yankewa da hannuna tun a kwamfuta, in bar ɗan fili a saman kai saboda bakin firam yana cin milimita kaɗan.

Launi kuwa, a `Color Space`, wurin zaɓen tsarin launi, kullum `sRGB` nake zaɓa, har na wanki, sai in mai injin ya nemi wani da bakinsa. Wasu yara masu koyo suna zaɓar `Adobe RGB` don sun ji ya fi ɗaukar launuka da yawa. Gaskiya ne, amma manhajar da ba ta karanta shi daidai ba sai ta nuna hoton a koɗe: jan leshi ya dushe, fata ta yi toka-toka. In mai aiki ya ce hoton ya fi kyau a shago fiye da a wayarsa, nan nake fara dubawa.

Na waya ni nake rage shi da kaina: `Long Edge`, wato dogon gefe, 1600, `Quality` 80. Yana fita ƙasa da megabait ɗaya, kuma tunda girman ya riga ya yi daidai, ɓarnar da manhaja za ta ƙara kaɗan ce. Wannan yana da muhimmanci a nan, inda mutum ke sayen mega da lissafi. Hotunan biki ɗari na asali sun kai gigabait guda, ba zan ɗora wa dangin amarya wannan nauyi ba don kallo kawai.

Na shafi ba shi da dogon bayani. Facebook 2048 a dogon gefe, Instagram 1080 da 1350 a tsaye, na `Status` ɗin WhatsApp 1080 da 1920. Katin gayyata mai rubutu ina fitar da shi a PNG, saboda JPEG yana ɓata gefen haruffa.

Ranar karɓar aiki, na wankin ina zuba shi a katin memori ko filas, cikin jaka mai suna `WANKI`, sauran cikin `WAYA` da `SHAFI`. Ina gaya wa mai aiki ya aje na farkon kada ya buɗe shi a manhajar waya ya sake ajiyewa, domin JPEG duk sake ajiya yana zubar da wani abu da ba ya dawowa. In kuma ɗan'uwa a Yamai ko Kano yana son ya wanke nasa, a tura masa daga jakar `WANKI`, ta `Document`.