Talla da dala, ciniki da naira

Jiya a Agege wani yaron unguwarmu mai sayar da shadda ya nuna min wayarsa yana murna: "Kawu, dala biyar kacal nake kashewa a talla a kan kowane mai saye." Na tambaye shi nawa ya sayi dalar, ya yi shiru. Shirun da na yi ke nan a farkon 2024.

A lokacin, shaddar da nake sayarwa naira 25,000 ce, sari da kuɗin aike 15,000, ribata 10,000 kafin talla. Ads Manager, shafin da ake duba tallan Facebook da Instagram, yana nuna min dala biyar, ni kuma ina lissafa ta a kan 900, farashin da ya zauna min a kai. Ban ma sa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da Meta, kamfanin Facebook da Instagram, ke ɗorawa ba, wanda ke mayar da dala biyar 5.38. A kan 900, talla ta ci 4,840. Da dala ta kai 1,500, ta ci kusan 8,060. A ƙarshen Fabrairu, da ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage, ta ci sama da 10,200. Duk yadin da na aika, daga aljihuna nake cikasa shi, allo kuma bai sauya ba, dala biyar dai.

Zan iya cewa ba laifina ba ne, wa ya taɓa ganin naira ta zube haka? Amma tun Yunin 2023 da Babban Banki ya sake ta aka ga alama. Abin da ya fi cutar da ni shi ne jinkirin biya. Meta ba ya cirar kuɗi sai bashin ya kai adadin da aka ƙayyade, wato payment threshold, ko ranar biya ta zo. Na sayar yau, na zuba nairar a sabon sari, ranar cira na sayi dala da tsada.

Ku yaran yanzu ba ku son biro da takarda, sai hoton oda a sitatus. To ka raba ribarka da dalar da talla ke ci: 10,000 a raba da 5.38, kusan 1,860 ke nan. Dala ta kusa nan, ka ƙara farashi ko ka tsayar da talla. Kuma da farashin da katinka ke cira za ka yi lissafi, har da kuɗin loda shi, ba na labarai ba.

Ranar da ciniki ya shigo, ka canza kason talla zuwa dala, ka danna Pay now. Sai dai kada ka tara da yawa. A 2024 na sayi dalar wata uku a kan 1,800, a Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Ta sati biyu ta ishe ka.