Yadda na koyi lissafin ci da faɗuwa da lojistik rigireshan

Ina koyar da lissafi a ajin ƙarshe na sakandare, kuma duk shekara tambaya ɗaya ce ke damun mu malamai kafin jarrabawar WAEC: wane ɗalibi ne ke cikin haɗarin rasa kiredit, wato ya kasa kaiwa C6, domin mu ba shi ƙarin darasi tun da sauran lokaci? Sakamakon nan iri biyu ne kawai, ko ya ci ko ya faɗi. Hanyar lissafin da aka gina domin irin wannan tambaya ita ce lojistik rigireshan. Kafin in taɓa rajistar makaranta, sai na zauna na tsara wa kaina teburin gwaji na ɗalibai 100 waɗanda ba na gaske ba, na zaɓi alƙaluman da za su ba ni damar bin kowane mataki da biro da takarda. Ina ba duk mai koyo shawarar ya yi haka, don abin da hannunka ya lissafa ba ya saurin ɓace maka.

Na raba ɗaliban gida biyar, kowane gida mutum 20, bisa yawan awoyin da suke yi suna bitar lissafi a mako. A cikin masu awa 1, mutum 2 suka ci. Masu awa 2, mutum 5. Masu awa 3, mutum 10. Masu awa 4, mutum 15. Masu awa 5, mutum 18. Idan aka raba kowanne da 20, yiwuwar ci ta zama 0.10, 0.25, 0.50, 0.75 da 0.90.

Abin da ya fara zuwa a raina shi ne in ja miƙaƙƙen layi ta cikin waɗannan ɗigo biyar, kamar yadda muke koyar da yara. Layin da ya fi dacewa ya fito `p = -0.13 + 0.21x`, inda `p` ke nufin yiwuwar ci, `x` kuma awoyin bita. A tsakiya bai yi laifi ba. Amma da na sa masa awa 6 sai ya ba ni 1.13, da na sa sifili kuma ya ba ni -0.13. Babu ɗalibin da yiwuwar cinsa za ta wuce ɗaya ko ta gaza sifili. Akwai kuma wani abu da layin ya ɓoye: daga awa 2 zuwa 3 yiwuwa ta ƙaru da 0.25, amma daga awa 4 zuwa 5 da 0.15 kawai ta ƙaru. Ƙarin awa ɗaya ba ya biyan kowa daidai, shi kuwa miƙaƙƙen layi ya dage cewa 0.21 ne ga kowa.

Mafita tana cikin sauya ma'aunin da ake auna ci da shi, kuma mataki biyu ne. Na farko shi ne rinjaye. Maimakon a ce mutum nawa suka ci cikin duka, sai a ce mutum nawa suka ci a kan kowane mutum ɗaya da ya faɗi: `p / (1 - p)`. A gidan awa 4, mutum 15 sun ci, 5 sun faɗi, rinjaye ya zama 3. A gidan awa 3, goma da goma ne, rinjaye 1. Da na jera su duka sai na ga 1/9, 1/3, 1, 3, 9. A nan ne abin ya buɗe mini. Yiwuwa tana hawa da gwargwadon da ba shi da tsari a ido, amma rinjaye yana ninkuwa sau uku a kowace awa, daga farko har ƙarshe. Rinjaye kuma ba shi da iyaka ta sama, zai iya kai 27 ko 1,000, sai dai har yanzu ba ya sauka ƙasa da sifili.

Mataki na biyu shi ke cire wannan iyakar ta ƙasa. Ana ɗaukar logaritim na rinjaye, wanda ke da maɓallin `ln` a kalkuleta. Aikin logaritim shi ne ya mai da ninki ya koma ƙari. `ln(3)` kusan 1.099 ne, saboda haka jerin ya koma -2.197, -1.099, 0, 1.099, 2.197. Wannan adadi shi ake kira lojit, sunan da Joseph Berkson ya raɗa masa a 1944. Yanzu tazarar daidai take tsakanin kowane gida da na gaba, kuma adadin yana iya tafiya ko'ina, sama ko ƙasa. A kan wannan ma'aunin ne miƙaƙƙen layi ya halatta:

```
z = ln(p / (1 - p)) = -3.296 + 1.099x
```

Duk lojistik rigireshan bai wuce wannan ba: layi ne miƙaƙƙe, amma a kan lojit aka ja shi. Adadin 1.099, wato gangarar layin, yana cewa kowace awa tana ƙara wa lojit 1.099, wanda daidai yake da ninka rinjaye sau `exp(1.099)`, wato 3, domin `exp` shi ne ke warware aikin `ln`. Shi kuma -3.296 lojit ne na ɗalibin da ba ya bita ko kaɗan.

Komawa ga yiwuwa bin sawu ne da baya. Ɗauki yarinya mai bitar awa uku da rabi. Lojit ɗinta shi ne -3.296 a haɗa da 1.099 sau 3.5, abin da ya ba da kusan 0.55. A ɗaga shi da `exp`, rinjaye ya fito 1.73. Sai a raba rinjaye da ɗaya-haɗe-da-rinjaye, 1.73 a kan 2.73, yiwuwar cinta ta zama kusan 0.63. A dunƙule ana rubuta shi haka:

```
p = 1 / (1 + exp(-z))
```

Na sake gwada wuraren nan biyu da suka kayar da layin farko. A awa 6 rinjaye 27 ne, yiwuwa 27 cikin 28, wato 0.964. A sifili rinjaye 1/27 ne, yiwuwa 0.036. Idan aka zana su a takardar giraf, layin yana lanƙwasa kamar harafin S: yana tashi a hankali, ya yi tsaye a tsakiya, sannan ya kwanta yana kusantar ɗaya ba tare da ya taɓa shi ba. Wurin da yiwuwa ta kai rabi shi ne inda lojit ya zama sifili, 3.296 a raba da 1.099, wato awa 3.

Wurin da na fi jin mutane suna tuntuɓe shi ne fassara wannan ninkin rinjaye na sau uku. Wani abokin aikina ya dubi takardata ya ce, "Malam, ke nan kowace awa tana ninka damar yaro sau uku?" Na ce masa rinjaye take ninkawa, ba yiwuwa ba. Daga awa 1 zuwa 2 yiwuwa ta tashi daga 0.10 zuwa 0.25, ninki biyu da rabi. Daga 4 zuwa 5 kuwa daga 0.75 zuwa 0.90 ta tashi, ko kusa da ninki biyu bai yi ba. Ninkin rinjaye yana kusantar ninkin yiwuwa ne kawai idan abin da ake aunawa ba kasafai yake faruwa ba. Tun daga lokacin, idan zan yi wa shugaban makaranta ko iyayen yara bayani, ba na ambaton 1.099 ko 3. Nakan zaɓi ɗalibai biyu na misali in faɗi yiwuwar kowannensu.

Teburina ya fito sumul ne saboda da gangan na tsara shi. Bayanan gaske ba sa hawa layi haka, sai kwamfuta ta nemo adadin nan biyu da ke cikin layin lojit. Yadda take yi shi ne, ga kowane adadi biyu da ta gwada, tana duba yiwuwar da suka ba abin da ya faru da kowane ɗalibi: `p` ga wanda ya ci, `1 - p` ga wanda ya faɗi. Sai ta ninka su duka, ta riƙa gyara adadin har sakamakon ya kai ƙololuwarsa. A manhajar lissafi ta R na tabbatar da lissafin hannuna da wannan:

```
awa <- 1:5
ci <- c(2, 5, 10, 15, 18)
fadi <- 20 - ci
m <- glm(cbind(ci, fadi) ~ awa, family = binomial)
predict(m, data.frame(awa = 3.5), type = "response")
```

A kula da `type = "response"`. Idan aka cire shi, lojit ne zai fito, 0.55, kuma da yake adadin yana tsakanin sifili da ɗaya, mutum zai iya ɗaukarsa yiwuwa bai sani ba. Alamar da ke tona hakan ita ce ka gwada awa 1 ka ga -2.197. Umarnin `summary(m)` kuma ya nuna mini kuskuren kiyasi na 0.214 a gefen 1.099. Ma'anarsa, ko da ɗalibai 100 ne, ninkin rinjayen na iya kasancewa ko'ina daga kusan 2 zuwa 4.6. A ajin mutum 30 tazarar za ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba.

Da na koma ga rajistar gaske, wani ƙaramin aji ya nuna mini matsalar da teburin gwaji bai nuna ba. Duk waɗanda suka wuce wani maki a jarrabawar gwaji sun ci, duk na ƙasa da shi sun faɗi. Kamar abin farin ciki ne, amma R ya fito da gargaɗi: `glm.fit: fitted probabilities numerically 0 or 1 occurred`. Idan bayanai suka rabu tsaf haka, duk yadda aka ƙara girman adadin gangara sai dacewar ta ƙaru, don haka babu inda neman zai tsaya. Za ka gane shi da adadi mai girman da hankali ba zai ɗauka ba, da kuskuren kiyasi wanda ya ninka shi. Na haɗa ajin da sakamakon shekarun baya, aka samu masu maki mai kyau da suka faɗi da masu rauni da suka tsallake, lissafin ya daidaita.

Abin da lissafin ba ya yi maka shi ne yanke hukunci. Yiwuwa kawai yake bayarwa, kai za ka sa iyaka. A teburina mutum 50 ne suka faɗi. Idan na ce ƙarin darasi na waɗanda yiwuwarsu ta gaza 0.5 ne, zan kira ɗalibai 40 na gidan awa 1 da 2, in kama 33 daga cikin masu faɗuwa, 17 su kuɓuce mini. Idan na ɗaga iyakar zuwa 0.8, zan kira mutum 80 in kama 48, amma 32 daga cikin waɗanda na tara da ma za su ci. A ganina barin yaro ya faɗi ya fi tsada a kan ba wanda ba ya buƙata ƙarin darasi, shi ya sa nake karkata ga iyaka mai tsawo, gwargwadon kujeru da malaman da muke da su.

Ban kuma yarda in gaya wa ɗalibi cewa ƙara awa ɗaya zai ninka rinjayensa sau uku ba. Lissafin yana kwatanta masu bita da yawa da masu bita kaɗan ne, kuma mai yiwuwa waɗanda suka fi bita su ne da ma suke da tushe mai ƙarfi, ko wutar lantarki a gida, ko waɗanda ba sa zuwa shago bayan an tashi. Saboda haka a aikin gaske nake sa makin zangon da ya wuce a matsayin ma'auni na biyu a cikin lissafin, domin a kwatanta awoyin bita tsakanin yaran da suka taso daga matsayi ɗaya.